Haɓon Yaro da Haɓon Babba: Wanne Ake Tsayarwa a Gida, Wanne Ake Kaiwa Asibiti?

Jawabin da mambobinmu ma'aikatan jinya suka gabatar a taron cikar shekarar ƙungiya

 

Da kwamiti ya ce mu da ke aikin jinya a cikinku mu zaɓi magana ɗaya ta lafiya, ba mu daɗe muna shawara ba. Duk shekara, da zarar hunturu ya kama, babu abin da kuke buga mana waya a kansa cikin dare kamar haɓo. Abin da muka lura da shi kuma shi ne tsoronmu yakan faɗa inda bai kamata ba. Yaro ya ɗiga jini a riga, gida ya rikice, a yi ta salati. Tsohuwa kuwa ta kwana jini yana bin maƙogwaronta, ta ce kada a tashi kowa, gobe ma rana ce. Alhali sau da yawa na yaron ne mai sauƙi, na tsohuwar ne abin gudu. Wannan bambanci muke so mu zauna a kansa yau, kuma za mu fara da labarin wani gida da muka shiga sau biyu a mako ɗaya.

Na farko jika ne, ɗan shekara 7. An kira mu da asuba aka ce yaro ya tashi cikin jini. Muka tarar da matashin kai ya ɓaci, uwar tana kuka, an kwantar da yaron rigingine, an cusa masa tsumma a hanci, an jiƙa masa kai da ruwan randa. Muka zaunar da shi, muka zare tsumman, sai ga jini ja wur yana ɗiga ɗis-ɗis daga ƙofar hanci ɗaya, ta dama. Muka ce ya sunkuya kaɗan, muka matse masa hanci muna kallon agogo. Da minti goma ya cika muka saki, jini ya tsaya. Muka haska tocila, ga ɓawo a bangon tsakiyar hanci, can baki-baki inda yatsa ke kaiwa. Muka duba farcensa, zaƙo-zaƙo. Muka duba jikinsa babu tabo, babu zazzaɓi, tafin hannunsa da cikin idonsa jajir. Kafin mu fita yana neman koko.

Bayan kwana huɗu aka sake kira, wannan karon kakarsa ce, 'yar shekara 62. Ita ba ta ɓata matashi ba, rigarta ma fes. Abin da ta ce shi ne tun bayan isha'i take jin abu mai gishiri-gishiri yana gangarowa ta maƙogwaro, tana tofarwa a kwano. Muka leƙa kwanon, gudajin jini ne masu duhu, sun kusa cika kofin shayi. Muka matse mata hanci minti goma sha biyar cur, amma da ta buɗe baki muka haska, jini yana nan yana bin bayan maƙogwaro kamar ba a yi komai ba. Muka auna jininta, 190 bisa 110. Muka tambayi maganin da take sha, sai aka kawo mana leda: akwai asfirin, akwai kuma maganin ciwon gwiwa da take saye a kemis tana sha safe da yamma. Maganin hawan jininta kuwa ya ƙare tun wata biyu da suka wuce, ba ta koma ba. Ba mu sake gwada komai a gida ba, mota muka nema. Ta kwana biyu a asibiti, da auduga ta musamman cushe har can cikin hanci.

Gida ɗaya, sanyi ɗaya, ƙura ɗaya. To me ya raba su?

Inda jinin yake fitowa

Ku ɗan taɓa hancinku. Sama, wajen karan hanci, ƙashi ne mai tauri. Ƙasa kuwa taushi gare shi, guringuntsi ne. A ciki akwai bango da ya raba ƙofofin biyu, kuma a gaban wannan bango, daidai inda ɗan yatsa yake iya kaiwa, ƙananan jijiyoyin jini da yawa suka haɗu wuri ɗaya, fatar da ta rufe su kuma siririya ce ƙwarai. Kusan haɓo tara cikin goma daga wannan ɗan wuri yake fitowa. Iskar hunturu ta busar da shi ya tsage kamar yadda leɓe da diddige suke tsagewa, ya yi ɓawo, ɓawon ya yi ƙaiƙayi, yaro ya sa farce ya ɓanɓare, jini ya ɓalle. Mura da atishawa da fyace hanci da ƙarfi su ma haka suke yi. Shi ya sa haɓo ya fi yawa tsakanin shekara 2 zuwa 10, kuma yawancin yara suna daina shi da kansu idan sun tasa.

Alherin da ke cikin wannan irin haɓo shi ne wurin yana hannunki. In kika matse sashen hanci mai taushi, kin danne jijiyar kenan kai tsaye, kamar yadda za ki danne yankan wuƙa a yatsa.

Babba ma yakan yi irin wannan na gaba, kuma shi ne ma ya fi yawa. Amma daga shekara 50 zuwa sama wani iri yana ƙaruwa, wanda ke fitowa daga can bayan hanci, kusa da maƙogwaro. Jijiyoyin wurin sun fi kauri, kuma da girma jijiya takan yi tauri, ba ta tsukewa da sauri ta rufe kanta kamar ta yaro. Yatsa ba ya kaiwa can, don haka ko awa za a yi ana matse hanci ba a taɓa wurin ba. Alamarsa ita ce abin da muka gani a wajen kakar nan: jini yana bin maƙogwaro ko da mutum yana zaune ya sunkuya, ko yana fitowa ta ƙofofin hanci biyu a lokaci ɗaya, kuma matsewa ba ta rage shi. Wannan aikin asibiti ne tun daga farko, ba a jiran wayewar gari.

Sai maganar hawan jini, domin kullum kuna tambaya. Mutane da yawa sun ɗauka haɓo shi ne ƙararrawar hawan jini, wasu ma suna cewa gara da jinin ya fita ta hanci da ya hau kai. Iyayenmu, ku ajiye wannan magana. Yawancin masu hawan jini ba sa haɓo ko kaɗan, kuma haɓo ba ya sauke hawan jini, ba ya kare mutum daga shanyewar ɓarin jiki. Abin da aka sani shi ne idan haɓo ya zo wa mai hawan jini, yakan fi wuyar tsayawa. Kuma ku sani tsoro kansa yana ɗaga awo, don haka awon da aka yi ana tsakiyar zubar jini sai an maimaita shi bayan hankali ya kwanta. In aka maimaita a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko sama, magana ce ta ganin likita, ko da haɓon bai sake dawowa ba.

Abu na biyu da ya raba babba da yaro shi ne ledar magani. Asfirin da warfarin da sauran magungunan da ake ba masu ciwon zuciya ko wanda ya taɓa samun shanyewar jiki, aikinsu ne su hana jini saurin daskarewa. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda da yawanmu ke sha bayan wahalar surfe da daka da ɗinki, su ma suna taɓa daskarewar jini, musamman in an haɗa su da asfirin. In likita ne ya ɗora ki a kan irin wannan magani, kada ki daina da kanki saboda haɓo, domin dainawar na iya jawo abin da ya fi haɓon muni. Ki je da ledar gaba ɗaya ya gani, har da na gargajiya da kike sha. Yaro kuwa ɗan ƙasa da shekara 16 ba a ba shi asfirin sai likita ya rubuta. In ciwo yake ji, farasitamol ya isa.

Masu juna biyu, ku ma muna da kalma gare ku. Lokacin ciki jinin jiki yana ƙaruwa, fatar cikin hanci takan kumbura, don haka ɗan haɓo abu ne da aka saba gani. Amma in ya haɗu da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, a tafi a auna jini a ranar, kada a jira ranar awo.

Yadda jinin yake

Yanzu mu zo kan kamannin jinin, domin shi ne abin da kuke fara faɗa mana a waya. Wata ta ce ja ne wur, wata ta ce har da tsoka a ciki.

Jini ja mai haske da ke ɗiga daga ƙofa ɗaya, sabon jini ne da ya fito yanzu daga kusa. Shi ne na jikan nan, kuma shi ne aka fi gani. Jan da ya yi ba alamar tsanani ba ne. In ya tashi daga ɗiga ya koma kwarara kamar bakin buta, to yawansa ne abin dubawa, ba launinsa ba.

Jini mai duhu, ko guda mai santsi kamar yankan hanta, jini ne da ya ɗan zauna cikin hanci ya daskare kafin ya fito. Wani lokaci gudan yakan fito dogo, da siffar cikin hancin, sai uwa ta firgita ta ce naman yaro ne ya gutsure. Ba nama ba ne. Hasali ma gudan yana nuna cewa jinin mutumin yana daskarewa. Kuma ba wani mugun jini ba ne da jiki ke fitarwa, da za a ce a bar shi ya zuba ya ƙare. Jini ne lafiyayye irin wanda ke jikin kowa, asararsa ake yi.

Sai abin da ke biyo baya. Wanda aka kwantar rigingine ko aka ɗaga masa kai sama, jinin ciki yake tafiya. Ciki kuwa ba ya son jini, sai tashin zuciya, sai amai mai duhu da ɗigo-ɗigo kamar garin kofi, washegari kuma bayan gida ya yi baƙi. In an ga haɓon da ido kafin haka, wannan jinin da aka haɗiye ne, kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma in babu wanda ya ga haɓo, babba ya yi aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta, kada a ɗora wa hanci laifi. Yana iya zama gyambon ciki ne ke zubar da jini, musamman ga mai shan maganin ciwon jiki kullum, kuma wannan na gaggawa ne.

Akwai kamanni uku da muke so ku riƙe da kyau, domin jinin da ke cikinsu kaɗan ne, shi ya sa ake raina su.

Na ɗaya, majina mai wari haɗe da jini-jini, daga ƙofa ɗaya tak, a ƙaramin yaro. Kusan kullum wani abu ya cusa: ƙwayar gyaɗa, wake, dutsen ado, guntun soso. Kada a sa tsinke ko ashana a ce za a zaƙulo, turawa ciki ake yi. In kuwa ana zaton ƙaramin batir ne, irin mai faɗin maɓalli na agogo ko na kayan wasa, a tafi a lokacin ko da tsakar dare ne, domin yana ƙona naman hanci cikin 'yan awoyi, har ya huda bangon tsakiya.

Na biyu, ruwa tsararo, fari ko ja-ja, da ke ɗiga daga hanci bayan mutum ya bugu a kai, ko faɗuwa daga babur ko daga bishiya. Wannan yana iya zama ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ne yake yoyo saboda ƙashin kai ya tsage. Ba a toshe irin wannan hanci, ba a fyacewa, asibiti ake nufa.

Na uku, zaren jini a cikin majina da ke dawowa mako bayan mako daga gefe ɗaya a babba, tare da toshewar wannan gefen, ko kunnen gefen ya toshe, ko kaluluwa a wuya da ba ta ciwo kuma ba ta tafiya. Zaren jini lokacin mura ko ƙurar hunturu ba komai ba ne, yakan wuce da murar. Wanda ya wuce mako uku a gefe ɗaya kuwa, sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ciki, domin a cikin abubuwan da ke kawo haka akwai ƙari, har da ciwon daji, kuma wanda aka gano da wuri shi ake samun sa'ar magani. Haka ma saurayi ɗan shekara goma sha wani abu da hancinsa ya toshe gefe ɗaya yana haɓo mai yawa a kai a kai: akwai wani ƙari da ba daji ba ne, cike da jijiyoyin jini, wanda samari maza kusan su kaɗai yake kamawa. Kada a ce ƙuruciya ce ko zafin rana.

Game da yawan jini kuma, ido yana ruɗi. Cokalin shayi ɗaya ko biyu na jini ya isa ya ɓata matashin kai har a ɗauka yanka aka yi. Yaro mai nauyin kilo 20 yana da jini kamar lita ɗaya da rabi a jikinsa, wato kimanin ledar ruwa uku, babba kuma kamar lita 5. Shi ya sa muke cewa a tara jinin a kwano maimakon a yi ta goge shi da zane, don a san gaskiyar abin da ya zuba. In na babba ya kai cikin kofin shayi, ya isa a tafi. Na ƙaramin yaro ba a jira ya kai haka. Kuma jikin mutum ya fi kwano faɗin gaskiya: jiri, gumi mai sanyi, bugun zuciya da sauri, leɓe da tafin hannu su yi fari, mutum ya tashi tsaye ya ji zai faɗi. In an ga waɗannan, a kwantar da shi a gefensa don jinin ya fito waje, a ci gaba da matse hancin, a nemi mota.

Yadda ake tsayar da shi

Bari mu yi shi tare, kowa ta kama nata hancin. A zauna, a sunkuyo da kai gaba kaɗan. In akwai gudaji cike da hancin, a fyace su a hankali sau ɗaya. A sa babban yatsa da manuni a matse sashen mai taushi, ƙofofin biyu su rufe ruf, a yi numfashi ta baki. Mun ga wasu a baya can sun kama ƙashin sama. Hajiya, sauko da hannunki ƙasa, nan ba ya danne komai. Abin da ya gangaro baki a tofar, kada a haɗiye.

Sai a riƙe minti 10 zuwa 15 da agogo, ba da ƙiyasi ba. A nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Minti biyu sai a saki a leƙa ko ya tsaya, kuma duk leƙawa tana ɓalle ɗan gudan da ya fara toshe jijiyar, a koma farko. Ki kunna agogon wayarki ki ajiye a gaba. In yaro ne ki ɗora shi a cinya, ki matse masa da kanki, ki ba shi labari ko tatsuniya, domin kuka yana ƙara zubar. In kin saki bai tsaya ba, ki sake wani zagayen. In an yi zagaye biyu, kusan rabin awa kenan, jini bai tsaya ba, aikin gida ya ƙare.

Ruwan sanyi a goshi ko a ƙeya ba ya cutarwa, amma kada ya ɗauke hannu daga hanci. Abin da muke roƙo a bari shi ne cusa tsumma, takarda, ganye, toka ko garin taba. Suna kawo ƙwayoyin cuta, kuma in an zo zarewa sukan taho da gudan, jini ya dawo sabo.

Bayan ya tsaya, a ba wurin kwana ɗaya ya huta: ban da fyace hanci, ban da ƙwaƙula, ban da ɗaukar kaya mai nauyi ko daka, ban da shayi ko kunu mai zafi ƙwarai. Abin da muka ce wa uwar jikan nan shi ne ta yanke masa farce, ta riƙa shafa masa ɗan baselin a bakin ƙofar hanci daga ciki, safe da dare, da ɗan yatsa mai tsabta, har hunturu ya wuce. Kaɗan ake shafawa, ba cikawa ake yi ba. Da dare kuma ta shanya jiƙaƙƙen zane a ɗakin don iskar ta yi laushi, kuma kada fanka ta riƙa bugun fuskarsa.

Yaron da za a kai a duba

Kada a tashi daga nan a ce mun ce haɓon yaro duk ba komai ba ne. Yawanci haka ne, amma akwai yaran da muke so a kawo.

Jariri ko yaron da bai kai shekara 2 ba, haɓo ba abin da aka saba gani ba ne a wannan shekaru, don haka ko sau ɗaya ne a kai shi. Yaron da ke yi fiye da sau ɗaya a mako duk da shafa mai da yanke farce, shi ma a kai shi, domin ɗan jinin da ke zuba a kai a kai yana tara ƙarancin jini, kuma sau da yawa jijiya ɗaya ce ke damunsa wadda za a iya rufewa cikin 'yan mintuna. Mai amosanin jini, wato sikila, tun asali jininsa ba shi da yawa, don haka abin da wani yaro zai zubar ya tashi ya yi wasa, shi yana iya kayar da shi. A gaggauta da shi fiye da sauran.

Sannan ki tuɓe wa yaro riga ki duba jikinsa a haske. In hanci kaɗai ne ke jini, matsalar ta hanci ce. In kuwa jini yana fitowa ta wani wuri ma, to maganar ta koma kan jinin kansa: dasashi yana jini, ko shatin taruwar jini a ƙarƙashin fata inda bai bugu ba, ko ƙananan ɗigo ja kamar kan allura, waɗanda a fatarmu an fi ganinsu a cikin baki da cikin fatar ido. In aka haɗa da kasala, fari fat, zazzaɓi mai dawowa ko ciwon ƙashi, gwajin jini ake bukata a wannan rana. Ku kuma tuna tarihin gida. Yaron da ya daɗe yana zubar da jini bayan kaciya ko cire haƙori, ko wanda kawunsa na wajen uwa yake da irin wannan matsala, a faɗa wa likita, domin akwai ciwon rashin daskarewar jini da ake gado. Haka budurwar da take yawan haɓo kuma al'adarta tana zuwa da yawa, tana wuce kwana bakwai: abubuwan nan biyu na iya zama tushensu ɗaya, a faɗe su tare, kada kunya ta sa a ɓoye na biyun.

Na ƙarshe ya shafi yaro da babba duka, wato haɓo tare da zazzaɓi mai zafi da ya ƙi jin maganin maleriya. Lokacin rani da muke fama da haɓon hunturu shi ne kuma lokacin da zazzaɓin Lassa ya fi yaɗuwa a Najeriya. Yawancin masu Lassa ba sa zubar da jini, kuma yawancin yara masu zazzaɓi da haɓo ba Lassa ke damunsu ba. Amma zazzaɓi na kwanaki, da ciwon maƙogwaro da amai da galabaita, sannan jini ta hanci ko dasashi, ba na kemis ba ne. A tafi asibiti, mai jinya kuma ta sa safar hannu ko leda kafin ta taɓa jinin, ta wanke hannu da sabulu.

Abin da za a tarar a asibiti

Wasu suna ƙin zuwa don tsoron abin da za a yi musu, to ga shi. Za a auna bugun zuciya da hawan jini, a haska cikin hanci. In an ga jijiyar a gaba, za a sa maganin kashe zafi, a ɗan taɓa wurin da wani tsinke mai magani a kai wanda ke ƙona bakin jijiyar ya rufe. Gefe ɗaya ake yi a zama ɗaya, don kada bangon tsakiya ya huje. In ba a ga wurin ba, ko daga baya yake, za a cusa auduga ta musamman ko wani ɗan balan-balan da ke danne jijiyar daga ciki, yawanci na kwana ɗaya zuwa biyu, kuma mai na baya akan kwantar da shi. Akwai takura, ba za mu ɓoye muku ba, amma kada a zare shi a gida. Gwajin jini kuma yana duba abu uku: yawan jinin da ya rage, yawan ƙwayoyin da ke toshe rauni, da saurin daskarewar jinin.

Abin da zai taimaki likita shi ne ki zo da amsar tambayoyinsa a shirye: ta wace ƙofa ya fara, minti nawa ya yi, sau nawa a wannan wata, kimanin kofi nawa ko cokali nawa, yana bin maƙogwaro ko a'a, da kuma ledar magani. In da hali ki ɗauki hoton kwanon ko zanen da waya.

Kakar nan da muka ba ku labari tana nan lafiya. An canza mata maganin gwiwa, ta koma kan na hawan jini, kuma yanzu duk wata sai ta aiko jikan ya kira mu a auna ta. Shi kuma jikan ya sake haɓo sau biyu kafin damina, uwarsa ta tsayar da shi da kanta, da agogon waya a gabanta, sai daga baya ma muka ji labari.

Mun zo da na'urar awon jini guda biyu, suna kan teburin da ke bakin ƙofa. Duk wadda ta haura shekara 40, da duk mai juna biyu, da iyayenmu maza da ke zaune a waje, a tsaya a auna kafin a tafi, za mu rubuta wa kowa nasa a takarda. Masu tambaya kuma muna nan har a tashi.

 Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuri'a, ya kai mu na baɗi.